Waiwaye: Yadda Kwamitin Raya Mazaɓa Ya Maƙale a Ƙofar Asibiti

Tun da Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ake ta tambayar wa zai sa ido a kan kuɗin daga ƙasa. Wasu sun ce ai ga kwamitocin raya mazaɓu da ƙauyuka, wasu sun ce sunansu kawai ya rage. Raunin nasu kuwa ba yau ya fara ba.

Gyaran 1976 ya bai wa ƙananan hukumomi tsari guda a duk ƙasa, taron lafiya na duniya da aka yi a Alma-Ata a 1978 kuma ya ce jama'a su sa hannu a harkar lafiyarsu. Wannan kowa ya sani.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne taron ministocin lafiya na Afirka a Bamako a 1987. Asibitocin karkara sun rasa magani, sai aka yi shawarar asusun magani mai juyawa: a zuba jari na farko, a sayar da ɗan riba, kwamitin gari ya riƙe littafi, ya sa hannu wajen cire kuɗi, a sake sayo wani. Dabarar ta yi amfani ƙwarai, domin ta ba talaka iko a kan abin da yake gani da idonsa. Amma daga nan kwamiti ya zama na asibiti. Rahotonsa sashen lafiya yake zuwa, alhali maganar rijiya, hanya da rufin makaranta a zauren majalisar ƙaramar hukuma ake yanke ta, inda ba shi da kujera.

Asusun kansa yana da wurin yoyo. A ce an fara da kwali 100, aka ba marasa hali 15 kyauta ko bashi, babu mai mayarwa, farashi kuma ya tashi kafin a koma saye. Kuɗin da ya dawo sai ya sayi 75, zagaye na gaba 55. Alamar a fili take: littafi na nuna ciniki, magani kuma yana raguwa. Ranar da magani ya ƙare, taron wata-wata ma ya mutu, tunda ba wani aikin da ya haɗa mutanen.

Da aka ɗauki mazaɓa a matsayin tushen tsarin lafiya a matakin farko a farkon shekarun 2000, sunan ya faɗaɗa zuwa na raya mazaɓa, amma iko bai bi sunan ba. Kansila yana da ƙuri'a a kan kasafi, kwamiti sai dai ya rubuta buƙata ya jira. Dokar Lafiya ta 2014 ta kawo sabon asusu ga asibitocin matakin farko, wanda ya sake ɗaure kwamitin a wurin da yake tun 1987.