Mene ne taransifoma, kuma me ya sa ba ta aiki da wutar batir?

Taransifoma na'ura ce mai ɗaga ko rage ƙarfin turawar wutar lantarki, wato boltej, ba tare da wani abu na juyawa a cikinta ba. Wutar da ke zuwa Gombe daga Jos tana tahowa ne a kan layin bolt 330,000. Daga nan ake ta sauke ta mataki-mataki: 132,000, sai 33,000, sai 11,000, har taransifomar unguwa ta mayar da ita wajen 240 da ke shiga gida. Kowane mataki taransifoma ce.

In ka leƙa wajen masu naɗin kwayil ka ga ƙarama a buɗe, abin ba yawa. Ƙarfe ne da aka jera falle-falle, sai naɗin waya biyu a jikinsa, na shiga da na fita. Wayoyin nan biyu ba su taɓa juna. Abin da ke haɗa su maganaɗisu ne. Idan wuta ta bi naɗin farko, ƙarfen ya zama maganaɗisu. Idan ƙarfin maganaɗisun nan ya canza, sai ya haifar da boltej a naɗi na biyu. Michael Faraday ne ya gano haka a 1831.

Kowane zagaye na waya, a kowane ɓangare, rabonsa ɗaya. A ce naɗin shiga zagaye 1,000 ne, an ba shi bolt 240. Kowane zagaye ya samu bolt 0.24 ke nan. In naɗin fita zagaye 50 ne, zai ba da 12. An rage zagaye sau 20, boltej ya ragu sau 20.

Amma taransifoma ba ta ƙirƙirar wuta. Jona ƙwan fitila mai wat 24 a ɓangaren bolt 12, zai ja karant, wato yawan wutar da ke gudana a waya, na amfiya 2. A ɓangaren 240 kuwa, wat 24 ɗin nan amfiya 0.1 ne kawai, da ɗan ƙari saboda abin da ke tafiya a zafi. Inda boltej ya sauka, karant ya hau. Shi ya sa za ka ga wayar ɓangaren shiga siririya kamar zare, ta fita kuwa kakkaura. Shi ya sa kuma ake ɗaga wuta kafin ta yi doguwar tafiya: in karant ya ragu sau 10, asarar zafi a waya ta ragu sau 100.

To ina matsalar batir? Naɗi na biyu bai damu da kasancewar maganaɗisu ba, canzawarsa kawai yake ji. Wutar layi, wadda ake rubuta AC a jikin kaya, tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa a Najeriya, don haka maganaɗisun kullum yana hawa, yana sauka, yana juyawa. Wutar batir da ta sola, wato DC, hanya ɗaya take bi ba canji. Lokacin da ka jona ta, ƙwan da ke ɗaya ɓangaren zai iya ɗan ƙyaftawa, domin maganaɗisu ya tashi daga babu. Da ya tsaya cak, shi ke nan, mita za ta nuna sifiri.

Kuma abin bai tsaya a rashin aiki ba. Da wutar AC, canjin maganaɗisun yana haifar da boltej a cikin naɗin farko shi kansa, mai tokare wutar da ke shigowa, shi ne ke hana karant yin yawa. Da DC babu wannan tokarewa, sai 'yar turjiyar wayar kaɗai. A ce naɗin bolt 12 ɗin can turjiyarsa rabin om ce, om kuwa shi ne ma'aunin turjiya. Jona shi da batirin mota mai bolt 12, amfiya 24 ne za su bi wayar da aka yi don 2. Nan da nan za ka ji ƙaurin fentin waya, kwayil ya ƙone. Mai sabon sola da ke tunanin zai ɗaga wutar batirinsa zuwa 240 da taransifomar tsohuwar rediyo, abin da zai samu ke nan.

Wani zai ce ai inbata da batir take aiki, kuma akwai taransifoma a cikinta. Gaskiya ne, sai dai kafin wutar ta isa taransifomar, akwai taransista da ke yanka ta suna juya ta da sauri, su mayar da ita mai kai da komowa. In taransistan suka mutu suka haɗe, wutar batir ta shiga naɗin kai tsaye, fiyus ne zai fara tsinkewa, in ba a ɗaure shi da waya ba.