Dami 40 da farashin buhu bayan wata tara: waiwaye kan lambobi biyun da ke gefen hasashe

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin bankin cimaka a ƙasar Damagaram ya san irin takardar da masu bincike kan kawo bayan girbi. Za ka ga an rubuta cewa gonar gero ta ba da dami kaza a hekta, sannan a gefe an sa lambobi biyu, ta ƙasa da ta sama. Mutane kan ɗauka cewa gonar kowa tana tsakanin lambobin nan biyu, har a yanke bashin taki a kansu. Sau da yawa kuwa lambobin ba su ce komai a kan gonar mutum ɗaya ba. Iri biyu ne na tazara, kamar Hassan da Husaini a ido, amma aikinsu daban: tazarar amincewa da tazarar hasashe.

Mu ɗauki misali da lambobin da na zaɓa don sauƙin lissafi. An auna gonaki 25 a wajen Mirriya, matsakaicinsu ya fito dami 40 a hekta. Gonakin ba ɗaya suke ba, wata jigawa ce da ta gaji, wata ta sha takin shanu, don haka ma'aunin warwatsuwarsu, wato yadda gona kan yi nisa da matsakaici, ya kai dami 10. Tambaya ta farko: da an auna duk gonakin yankin, nawa matsakaicin zai kasance? Tambaya ta biyu: gonar da za mu shiga gobe, wadda ba ta cikin 25 ɗin, nawa za ta ba da? Ga lissafin kowacce:

```
x̄ ± t · s · √(1/n)
x̄ ± t · s · √(1 + 1/n)
```

A nan `x̄` matsakaici ne, `n` yawan gonaki, `s` warwatsuwa, `t` kuma lamba ce da ake karantowa a jadawali, wadda ga gonaki 25 da amincin kashi 95 cikin 100 take 2.06. Layin farko, wato tazarar amincewa, ya ba da dami 36 zuwa 44. Layi na biyu, wato tazarar hasashe, ya ba da 19 zuwa 61. Bambancin duka lambar 1 ce da aka ƙara a cikin baka, kuma ita ce halin gonar kanta, wanda yawan aune-aune ba ya gogewa. Ka auna gonaki 100 maimakon 25, tazarar farko za ta tsuke ta koma 38 zuwa 42, ta biyu kuwa da ƙyar za ta motsa, 20 zuwa 60. Sanin matsakaicin gari sarai ba ya hana gonar wani ƙonewa. Mai lissafin yawan hatsin da dukan yanki zai samu yana iya aiki da ta farko. Mai ba manomi ɗaya bashi, ta biyu ce tasa.

Lambar `t` ta fito ne daga hannun William Gosset, ma'aikacin kamfanin giya na Guinness a Dublin, wanda a 1908 ya buga aikinsa da sunan aro, Student. Damuwarsa ita ce yadda za a yanke hukunci da samfuri kaɗan, domin a masana'anta ba a samun awo dubu. Tazarar amincewa kuma Jerzy Neyman ne, masanin lissafi ɗan Foland, ya kafa mata ƙa'ida a 1937, kuma ma'anar da ya ba ta ta fi yadda ake zato ƙunci. Kashi 95 ɗin yabon hanyar ne: in aka yi ta ɗebo gonaki 25 daban-daban ana lissafi, kusan 95 cikin kowace tazara 100 za su kama matsakaicin gaskiya. Ronald Fisher, wanda suka daɗe suna sa-in-sa da Neyman, ya riga ya fitar da lissafin awo na gaba, wato tazarar hasashe, a 1935 ta wata hanyar tunani tasa. To amma darasin makaranta ya fi riƙe tazarar amincewa, shi ya sa ɗalibi kan gama karatu yana kiran duk lambobi biyu da ya gani da sunanta. Manhajar lissafin ƙididdiga mai suna R ma ta raba su da kalma ɗaya tak, inda `m` yake tsarin da aka gina daga awon baya, `sabo` kuma abin da ake son hasashensa:

```r
predict(m, sabo, interval = "confidence")
predict(m, sabo, interval = "prediction")
```

Wanda ya buga layin farko alhali na biyu yake nufi, zai samu zane siriri mai kyan gani, kuma na'urar ba za ta ce masa uffan ba. Gane kuskuren ba wuya. A ɗora ɗigon gonakin da aka auna a kan zanen: in yawancinsu suna waje da tazarar, to ta matsakaici ce aka zana.

Da zarar lokaci ya shigo, zancen yakan ƙara tsawo. Farashin buhun gero na watan gobe abu ɗaya ne da zai faru sau ɗaya, kamar gonar nan ta 26, saboda haka tazarar hasashe ce ta dace da shi. Kuma tana buɗewa yayin da aka nisanta. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara rubuta dalilin a lissafi shi ne Louis Bachelier, a kundin digirinsa na Paris a 1900, shekara guda bayan sojan Faransa sun ci Damagaram. Farashin takardun kasuwar Paris yake nazari, amma abin da ya gano ya hau kan kasuwar Dole ta Zinder daidai wa daida.

A ce yau buhu yana jika 25 na sefa, kuma bayan an cire hauhawar da aka saba gani daga kaka zuwa damina, farashin kan yi tsalle na ba-zata kamar jika 1 a wata, sama ko ƙasa. Hasashen wata ɗaya zai zama jika 23 zuwa 27, domin kashi 95 yana buƙatar kusan ninki biyu na warwatsuwar. A wata na biyu farashin ba daga 25 zai tashi ba, daga inda watan farko ya ajiye shi zai tashi, sai sabon tsalle ya hau kan tsohon. Haka na uku, haka na huɗu. Sai dai tsallen ba duka gefe ɗaya suke bi ba, wani yana cinye wani. Shi ya sa tazarar wata huɗu ba ta ninka sau huɗu, sau biyu take ninkawa: jika 21 zuwa 29. Ta wata tara ta ninka sau uku: 19 zuwa 31. Ka nemi lambar da in ta ninka kanta za ta ba da yawan watannin, da ita tazarar ke girma. Kwamitin da ya sayi hatsi a Nuwamba yana jiran Agusta, a kan wannan faɗin na jika 12 yake tsaye, ko ya sani ko bai sani ba.

Akwai kuma kuskure na biyu da ke girma fiye da haka. In muka ce farashi yana da ɗabi'ar hawa kaɗan-kaɗan kowane wata, kuma daga tarihin wata 24 kacal muka ƙiyasta girman hawan, to ƙiyasin kansa yana da kuskure, kuma kuskuren nan gefe ɗaya yake bi kullum. Kamar mai tafiya a daji ne da ya karkace kaɗan tun daga bakin gari: ba ya gyaruwa da tafiya, ƙaruwa yake yi. A misalinmu wannan kaɗai yana mai da jika 6 na kowane gefe kusan 7 a wata na tara.

Ba kowane abu ne ke buɗewa ba iyaka ba, kuma nan ne nake ganin masu maimaita ƙa'idar Bachelier sukan wuce gona da iri. Farashin hatsi yana da igiya. In ya yi tsada a Zinder, motoci sukan taso daga Maraɗi ko daga kasuwar Dawanau ta Kano, in ya faɗi kuma 'yan kasuwa su kwashe. A ce kowane wata kashi 80 cikin 100 na tsallen baya ne kawai ke saura. To tazarar wata huɗu za ta zama kusan jika 3 kowane gefe maimakon 4, ta wata tara 3 da 'yan kai, kuma ko shekara goma aka hanga ba za ta wuce kusan 3.3 ba. Littafin George Box da Gwilym Jenkins na 1970 ne ya mai da irin wannan lissafi aikin yau da kullum, ya nuna yadda ake karanta tarihin lambobi a gane ko masu komowa gida ne ko masu yawon dandi. Zaɓin nan ba ƙarami ba ne: lambobi iri ɗaya, wani ya ce jika 3, wani ya ce 7.

An daɗe kafin hukumomi su yarda su nuna wa jama'a wannan faɗin. Babban Bankin Ingila ya fara buga hasashen hauhawar farashi a siffar mafici a 1996, matse a yau, buɗe a shekarun gaba. Masu hasashen yanayi sun bi wata hanyar. Edward Lorenz ya nuna a 1963 cewa ɗan bambanci a awon farko yakan girma har ya canza sakamakon gaba ɗaya, kuma daga 1992 manyan cibiyoyin Turai da Amurka suka fara sarrafa hasashe sau da yawa, kowanne da ɗan sauyi, su ga yadda amsoshin ke rabuwa da kwanaki. Dalilin ke nan da hasashen damina da cibiyar AGRHYMET ta Yamai ke taimakawa a fitar kafin shuka yake zuwa da kaso-kaso, damar ruwa ya fi na kullum, ko ya yi daidai, ko ya gaza. Ba ya faɗin ranar da hadari zai sauka a Tanut.

Duk da haka, masu bin diddigin hasashe, ciki har da Chris Chatfield a 1993, sun yi ta samun abu guda: tazarar da aka rubuta wa kashi 95 takan kama ƙasa da haka a aikace. Lissafin yana ɗauka cewa tsarin da aka zaɓa daidai ne, kuma tsallen gobe irin na jiya ne. Wanda ya ga 2005, bayan fari da farin dango na 2004, ya san farashin gero yana iya yin tsallen da shekarun baya ba su nuna irinsa ba. Rufe iyakar Najeriya a Agustan 2019 da takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 sun taɓa igiyar nan da muka ce tana mai da farashi gida, wato zirga-zirgar motoci.

Gwajin da ya fi amfani ba ya buƙatar sabon lissafi. A ɗauko farashin wata-wata irin wanda hukumar SIMA ke tattarawa a kasuwanni, a koma baya wata 40, a kowane wata a yi hasashen kamar ba a san abin da ya biyo ba, sannan a ƙirga sau nawa farashin gaskiya ya faɗa cikin tazarar. Ana sa ran kusan 38. In 30 aka samu, tazarar ta yi ƙunci, a faɗaɗa ta. A yi ƙirgar wata ɗaya daban, ta wata tara daban, domin tsari yakan ci ta kusa ya faɗi ta nesa. A kuma duba inda kurakuran suka taru. Tsallen farashin hatsi ya fi tsanani wajen hawa, kuma in duk fitar ta sama ce tsakanin Yuni da Agusta, to gefen sama na waɗannan watannin ne za a buɗe, na ƙasa a bar shi yadda yake.