Yadda Ake Koya wa Yaro Amsa Tsokana a Makaranta, da Yadda Zai Yi Tasa Ba Tare da Cutarwa Ba

Idan yaro ya dawo daga makaranta yana kuka saboda abokan karatunsa sun tsokane shi, yawancin iyaye suna ba shi ɗaya daga cikin shawarwari biyu, ko dai su ce masa ya ƙyale su, ko kuma su ce masa ya rama. A matsayina na ma'aikaciyar lafiya ina ganin duka biyun ba su isa ba, domin "ka ƙyale su" umarni ne da ba a nuna wa yaro yadda zai aiwatar da shi ba, ramuwa kuwa ita ce ainihin abin da mai tsokana yake nema. Amsa tsokana abu ne da ake koya, kuma ana koyonsa ne ta hanyar gwadawa a gida sau da yawa, kafin ranar da za a buƙace shi a filin makaranta.

Kafin a fara koyarwa, wajibi ne iyaye su tantance abin da yake faruwa, saboda tsokana daban take da cin zali ko da yake bakinsu ɗaya. Dan Olweus, masanin halayyar ɗan Adam wanda ya fara nazarin cin zali a makarantun Sweden da Norway tun shekarun 1970, ya ware alamomi uku da ake gane shi da su: akwai niyyar cutarwa, abin yana maimaituwa, sannan akwai fifikon ƙarfi, ko na jiki, ko na shekaru, ko na yawan mutane, ta yadda wanda ake yi wa ba ya iya kare kansa. Tsokana ta raha ba ta da waɗannan siffofi. Tana tafiya ne ta ɓangarori biyu, yau a yi wa wannan gobe a yi wa wancan, ana yin ta da murmushi da sauya murya domin a nuna wasa ne, kuma tana tsayawa da zarar wanda ake yi wa ya ɓata fuska. Saboda haka tambayar da ta fi amfani ga yaro ita ce: "Da ka ce su daina, sun daina?" Amsar wannan tambaya takan nuna ko abin na koyon amsa ne a gida, ko kuwa na zuwa wurin malami ne.

Shekarun yaro ma suna da tasiri a nan. Yaro ɗan shekara biyar ko shida yakan ɗauki magana yadda aka faɗe ta, idan aka kira shi da sunan wata dabba cikin wasa sai ya ji an zage shi, kuma sai ya kusanci shekara goma zuwa goma sha biyu yake gane cewa mutum na iya faɗin magana mai kama da zagi alhali ƙauna yake nufi. Don haka ba daidai ba ne a ce wa ƙaramin yaro ba shi da haƙuri ko bai san wasa ba, domin fahimtarsa ce ba ta kai wurin ba tukuna.

Mu ɗauki misalin yarinya 'yar shekara tara wadda aka rubuta wa tabarau saboda ba ta ganin allo daga nesa. A makon farko wani yaro a ajinsu ya kira ta "mai ido huɗu", aji ya yi dariya, ita kuwa ta fashe da kuka ta cire tabarau ɗin ta tura cikin jaka. Washegari yara uku suka maimaita sunan, domin sun ga yana aiki. Abin da yake ciyar da tsokana shi ne abin kallon da take haifarwa, wato kuka, ko ihu, ko zage-zage, kuma duk lokacin da aka samu wannan sakamako sai mai tsokanar ya ƙara samun dalilin dawowa.

Aikin farko na mahaifiyarta shi ne ta saurara har yarinyar ta gama, ba tare da ta ce "wannan ai ba komai ba ne" ba, sannan ta tambaye ta ainihin kalmomin da aka faɗa, da wanda ya faɗa, da wurin, da abin da ita ta yi bayan haka. Daga nan sai su zaɓi amsa tare. Amsar ta zama gajera, kalma biyu ko uku, marar zagi, wadda take nuna cewa maganar ba ta shige ta ba. Idan aka ce "mai ido huɗu", tana iya cewa "Ƙwarai kuwa", ko "To, sai me?", ko kuma, idan yarinya ce mai son barkwanci, "Shi ya sa na riga ka ganin allo." A bar ta ta zaɓi wadda ta dace da bakinta, domin amsar da aka ɗora mata ba za ta fito ba a lokacin da zuciyarta take bugawa. Wani bincike da Scambler da abokan aikinsa suka wallafa a 1998, inda aka nuna wa yara hoton bidiyo na yaron da ake tsokana yana mayar da martani iri daban-daban, ya nuna cewa yaran sun ɗauki amsa ta raha a matsayin wadda ta fi tasiri, shiru ya biyo baya, amsa ta faɗa kuma ta zo ƙarshe.

Sai kuma gwaji, wanda shi ne ɓangaren da aka fi tsallakewa. Uwar za ta zama mai tsokanar, ta faɗi kalmar da murya irin ta yaron, yarinyar ta amsa, sannan ta juya ta tafi wurin wani abu ko wata ƙawa. A kula da jiki fiye da kalmomi: kai a ɗage, kafaɗu a sake, murya ba ta rawa kuma ba ta tashi, a kalli mutum sau ɗaya a kau da kai. Da farko za ta yi dariya ko ta ji kunya, wataƙila ma ta yi hawaye, kuma gara hawayen su zuba a gida. Minti biyar a kowace rana na tsawon mako guda ya fi zama ɗaya na awa guda amfani. Yana da kyau a riƙa musanya matsayi, ita ta zama mai tsokana uwar ta amsa, domin ta ji da kanta yadda tsokana take yin sanyi idan ba ta samu abin kallo ba. Dole ne kuma a gaya mata tun da wuri cewa a kwanakin farko abin na iya ƙaruwa, saboda mai tsokana zai ƙara matsawa ya ga ko kukan zai dawo. Yaran da ba a gaya wa wannan ba sukan yanke hukuncin cewa dabarar ba ta aiki, su watsar da ita a daidai lokacin da ta kusa yin tasiri.

Wannan dabara tana da iyaka. Ba a amsa bugu, ko barazana, ko ƙwace kaya, ko maganar da ta shafi tsiraici da barkwanci, kuma ba a barin yaro shi kaɗai da gungun da ya haɗa masa kai. Rahoton UNESCO na 2019 ya nuna cewa kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya an ci zalinsa a makaranta aƙalla sau ɗaya a cikin watan da ya gabaci tambayar, kuma kamannin jiki shi ne dalilin da aka fi ambata. Yara da yawa ba sa faɗa da baki, jikinsu ne yake faɗa: ciwon ciki ko ciwon kai da yake zuwa da safiyar ranakun makaranta ya ɓace a ranakun hutu, rashin barci, fitsarin kwance bayan an daɗe da dainawa, raguwar cin abinci, ko faɗuwar sakamakon jarrabawa. A misalinmu, tabarau da kullum yake "ɓacewa" ko "karyewa" alama ce babba. Idan aka ga haka, ko kuma mako biyu zuwa uku suka wuce ba tare da sauƙi ba, sai a rubuta ranaku da wurare da kalmomin da aka faɗa, a kai wa malamin aji a keɓe, a kuma amince da ranar da za a sake haɗuwa. Yaron da ya ambaci cutar da kansa ko ya ce ya gaji da rayuwa, a kai shi wurin ma'aikacin lafiya a ranar, ba tare da jiran komai ba.

Yaron da ake tsokana yau shi ma yana tsokanar wani, kuma hana shi gaba ɗaya ba mafita ba ne, domin raha tana cikin hanyoyin da yara suke ƙulla abota. Abin da za a koya masa shi ne zaɓen abin da ake wasa da shi. Ana iya tsokanar aboki a kan abin da ya yi sau ɗaya kuma shi ma yake dariyarsa, kamar ƙwallon da ya buga ta wuce raga da nisa. Ba a taɓa abin da mutum ba zai iya sauyawa ba ko yake jin kunyarsa, wato ƙiba ko rama, launin fata, i'ina, naƙasa, ciwo, talaucin gidansu, iyayensa, da addininsa. Kuma ana tsokanar wanda zai iya ramawa ne, ba ƙarami ba, ba baƙon da ya shigo aji jiya ba.

Bayan ya yi maganar, a koya masa ya kalli fuskar abokin. Dariyar da yara goma suke yi ba ita ce ma'auni ba, idan wanda aka yi wa ya sunkuyar da kai ko ya yi murmushin yaƙe. A nan sai ya tsaya ya ce "Yi haƙuri, na daina", kuma kada a karɓi "ai wasa nake yi" a madadin wannan, domin jumla ce da take mayar da laifi kan wanda aka ɓata wa rai. Iyaye su lura cewa a gida ake fara ganin wannan doka: idan uba yana tsokanar ɗansa yaron ya ce ya isa, uban kuma ya tsaya nan take, yaron ya koyi cewa maganarsa tana da nauyi, ya kuma ga yadda ake tsayawa. Idan kuwa manya suka ci gaba da kiransa da laƙabin da ya tsana suna dariya, da wuya ya yarda cewa akwai laifi idan ya yi wa wani haka.

Akwai kuma matsayin mai kallo, wanda yawancin yara a cikinsa suke. Binciken da Hawkins da Pepler da Craig suka yi a filayen wasan makarantun Kanada, wanda aka wallafa a 2001, ya gano cewa idan wani yaro ya sa baki, cin zalin yakan tsaya cikin daƙiƙa goma a fiye da rabin lokutan. Ba sai yaro ya yi faɗa da kowa ba. Ya isa ya ƙi yin dariya, ya ce "Ya isa haka", ko ya kira wanda ake tsokana ya ce "Zo mu tafi", kuma waɗannan kalmomi ma ana gwada su a gida kamar yadda aka gwada amsar yarinya mai tabarau, har sai sun zauna a bakinsa.