Ma'anar "imoshinal intelijens": abin da mudir yake yi kafin ya buɗe baki

Duk wanda ya halarci kwas ɗin horar da shugabannin aiki a Jidda ko Riyad ya ji kalmar. Larabawa suna cewa "azzaka'ul aɗifi", masu Turanci su ce "imoshinal intelijens". Mu a Hausa ba mu da kalma ɗaya da ta ɗauke ta. Wasu suna fassara ta da haƙuri, kuma a ganina nan ne kuskuren yake. Abin da ake nufi shi ne mutum ya gane abin da zuciyarsa take ciki a lokacin da take cikinsa, ya iya riƙe linzaminta, sannan ya iya karantar ta wanda ke gabansa.

Masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Peter Salovey da John Mayer, su ne suka tsara ma'anarta a 1990. Daniel Goleman ya yaɗa ta a duniya da littafinsa na 1995, daga baya ya kasa ta kashi biyar domin masu shugabanci. Biyu na farko su ne sanin kai da kamun kai, kuma a kansu zan tsaya, don sauran ukun ba sa zaunuwa sai da su.

Ni ne mudir, wato manaja, na wani kicin a Makka da ke dafa wa otal-otal ɗin unguwar Aziziyya abinci. A wani azumi muna da odar buɗa-baki fakiti 300. Saura minti arba'in a kira Magariba wakilin otal ya bugo waya yana masifa, wai 340 ya ce. Ban tsaya tambaya ba, na faɗa kicin na rufe babban kukunmu da faɗa, dattijon da ya kusa haifata, a gaban yara takwas. Bai ce komai ba sai: "To, mudir, Allah ya huci zuciyarka." Bayan Tarawihi na ga saƙon muryar ƙarin fakiti 40 ɗin zaune a wayata tun Azahar, ban saurara ba. Na ba shi haƙuri, ya ce ya wuce. Amma wata guda cur babu yaron da ya sake zuwa ya ce mini shinkafa ta kama ko kaza ta gaza. Sai dai in ji daga bakin otal. Wannan ita ce asarar tsawa: ma'aikata ba sa daina kuskure, daina faɗa maka suke yi.

Sanin kai daga jiki yake farawa. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ɓangare da ake kira amigdala, aikinsa hango barazana. Idan ya motsa, bugun zuciya yana ƙaruwa, jijiyoyi su ɗaure, tun kafin sashen da ke auna magana ya gama nasa lissafin. Saboda haka jiki yana riga hankali sanin cewa ka yi fushi. Kowa da alamarsa. Ni tawa biyu ce: kunnuwana su yi zafi, sannan in bar Hausa in koma Larabci, "yalla, yalla", alhali duk wanda ke kicin ɗin Bahaushe ne. Sai da wani yaro ya faɗa mini cikin raha na lura. Idan ba ka san taka ba, tambayi matarka ko wanda ya daɗe a ƙarƙashinka, sun riga ka sani.

Bayan alama sai suna. Ka faɗa wa kanka a zuci ainihin abin da kake ji. Wani bincike da Matthew Lieberman da abokan aikinsa suka wallafa a 2007 ya nuna cewa sanya wa abin da ake ji suna yana rage motsin amigdala. Amma amfanin da na fi gani shi ne, da ka nemi sunan sai ka tarar sau da yawa ba fushi ba ne a ƙasa. Ran nan abin da ke cina tsoro ne, kada otal ya soke kwangila mai kamfani ya juyo kaina, da kunyar an yi mini tsawa a waya. Kukun dai shi ne bangon da ya fi gajarta.

Kamun kai kuma shi ne mutane suka fi ɗauka a baibai. Wani yana zaton haɗiye magana ne, a yi murmushin dole ciki na tafasa. James Gross na jami'ar Stanford ya daɗe yana bambanta danne abin da ake ji da sake kallon lamarin ta wata fuska, kuma dannewa ba ta kashe wutar, fuska kawai take rufewa. Mudir mai dannewa ana gane shi: ya daina amsa gaisuwar wanda ya yi laifin, ya riƙa jefa habaici, ran da aka ɓarar da ludayin miya ya fashe da abin wata uku. Amayar da fushi ma, a doki tebur wai a huce, ƙara rura shi yake yi.

Abin da ya yi mini aiki shi ne raba lokacin gyara da lokacin hukunci. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya hana alƙali yanke hukunci yana cikin fushi, kuma mudir da ke da ikon taɓa albashin mutum ƙaramin alƙali ne. Dokar ƙwadago ta Saudiyya ma ba ta yarda a hukunta ma'aikaci ba sai an sanar da shi laifinsa an ji ta bakinsa, kuma tarar laifi ɗaya ba ta wuce ladan kwana biyar.

Azumin da ya biyo baya direbanmu ya makara da minti ashirin da biyar, abinci na jira a bakin ƙofa. Kunnuwana suka ɗau zafi. Na yi isti'aza, na ja kujera na zauna, kamar yadda hadisin Abu Dawud ya ce mai fushi a tsaye ya zauna. Na ja numfashi sau biyar, ina sakinsa a hankali fiye da yadda na ja shi. Duka bai kai minti ɗaya ba. Da ya shigo yana kame-kame na ce:

"Ƙanena, ba yanzu ba. A loda, ka bi hanyar da ba cunkoso. Gobe bayan La'asar ka same ni a ofis."

Washegari mu biyu kaɗai, ƙofa a rufe. Ban ce masa shi malalaci ba ne. Na faɗi abin da ya faru, ƙarfe nawa ya kamata ya zo, ƙarfe nawa ya zo, da abin da otal ya ce, sannan na tambaye shi me ya tsare shi. Ya sunkuyar da kai ya ce: "Wallahi Yaya, barci ne ya kwashe ni." Wannan karon laifinsa ne tsantsa, kuma karo na biyu. Na rubuta masa takardar gargaɗi ya sa hannu. Muna cikin maganar ne ya fito cewa shi ke kai sahur ƙarfe uku na dare, shi kuma ke ɗauko kayan miya da hantsi, sai na mayar da zuwa kasuwar hannun ɗaya direban.