Ba duk kuɗin da ya shigo asusun shago ne ciniki ba

Akanta ya aiko wa mai shago lissafin wata uku: Fabrairu 840,000, Maris 1,310,000, Afrilu 790,000. Mai shago ya san bai yi wannan ciniki a Maris ba, don littafinsa 950,000 ya nuna. Idan abin da ya rubuta wa akanta kawai shi ne "lissafin Maris bai yi daidai ba", to bai ba shi abin kamawa ba. Akanta zai sake duba takardar banki, ya ga kuɗin sun shigo, ya ce lissafinsa daidai yake. Gardamar ba za ta ƙare ba sai an koma ga ƙa'idar da ta faɗi lokacin da ciniki yake zama ciniki.

Ƙa'idar kuwa ba ta da wuya. Ana rubuta ciniki ne a watan da kaya suka koma hannun mai saye ya samu iko da su, ko ya biya ko bai biya ba. Haka yake a ƙa'idar rubuta ciniki mai suna IFRS 15, wadda hukumar tsara ƙa'idojin akanta ta duniya, IASB, ta fitar a 2014, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2018. Ƙananan kamfanoni suna da tasu mai sauƙi, IFRS for SMEs, tun 2009, kuma a kan kayan da ake sayarwa a kanti duk hanya ɗaya suka bi. Ke nan wanda ya ɗauki kaya bashi, an yi ciniki da shi ranar da ya ɗauka. Ranar da ya kawo kuɗin, biyan bashi ya yi. Wanda kuma ya ba da kafin alƙalami bai karɓi kaya ba, kuɗinsa nauyi ne a kan shago, don idan kayan ba su samu ba sai an mayar masa da abinsa.

Ga yadda takardar mai shagon za ta kasance idan ya riƙe wannan:

"Yallaɓai Akanta, barka da aiki. Na duba lissafin da ka aiko. Fabrairu ba ni da ja a kansa. Maris ya haura littafina da 360,000, Afrilu kuma ya gaza da 200,000. Ina ganin dalilin shi ne Fabrairu daga littafin ciniki ka ɗauko shi, Maris da Afrilu kuwa daga takardar banki, tunda littafin bai iso maka da wuri ba.

"Akwai 120,000 da suka shigo ranar 9 ga Maris. Kuɗin kayan da wani ya ɗauka bashi ne ranar 20 ga Fabrairu, kuma suna cikin 840,000 ɗin Fabrairu. An ƙirga su sau biyu ke nan. Sai 200,000 na ranar 27 ga Maris, kafin alƙalami ne a kan odar 300,000. Mai odar bai kwashi kayansa ba sai 4 ga Afrilu, ranar da ya cika 100,000. A Afrilu cikon kawai ka rubuta, alhali duka 300,000 ɗin na Afrilu ne. Na ƙarshe, 40,000 na ranar 15 ga Maris, ni na turo su daga aljihuna don a biya hayar shago. Idan aka cire ukun nan, Maris zai dawo 950,000, Afrilu ya zama 990,000. Na haɗo maka hoton shafukan littafin, da rasit, da takardar da mai odar ya sa wa hannu ranar da ya karɓi kaya. Na gode."

Abin da ya ba takardar nan ƙarfi shi ne kowane kuɗi ya zo da ranarsa da shaidarsa, kuma jimillarsu ta cike giɓin cif: 120,000 da 200,000 da 40,000 sun tashi 360,000. Da saura ya rage, ko da 5,000 ne, ya kamata mai shago ya faɗi haka ƙarara, ya ce ga abin da bai gano ba tukuna. Irin wannan ɗan saura sau da yawa ladan da ake cirewa ne a kan biyan kati kafin kuɗin su faɗo asusu, ko cinikin daren ƙarshen wata da bankin bai zuba ba sai washegari. A ƙa'ida ana rubuta cinikin cikakke, ladan kuma ya tafi ɓangaren kashe kuɗi.

To yaya mutum zai tabbatar littafinsa ne mai gaskiya? Ai littafi ma hannu ne ya rubuta shi. A nan kayan da ke kan kanta su ne shaida, shi ya sa ƙirga kaya a ƙarshen wata, duk da gajiyar da ke cikinsa, ya fi kowace muhawara amfani. Mai shagon nan ya shiga Maris da kayan 600,000 a farashin sari, ya saro na 700,000, ranar 31 ga wata ya ƙirga ya tarar da na 540,000, har da kayan mai odar da ke ajiye ba a kwasa ba. Kayan da suka fita ke nan na 760,000 ne. Shi kuwa kashi 25 cikin ɗari yake ɗorawa a kan farashin sari, wato 190,000, jimilla 950,000. Kafin kayan 760,000 su haifar da cinikin 1,310,000, sai ya ɗora kusan kashi 72 cikin ɗari, abin da bai taɓa yi ba. A zahiri lissafin ba ya faɗawa daidai haka, saboda ragi da kayan da suka lalace da waɗanda suka yi ɓatan dabo, amma waɗannan duk rage ciniki suke yi, ba za su ɗaga 25 zuwa 72 ba.

Akwai inda akanta zai iya mayar da martani, kuma da hujjarsa. Wasu ƙasashe sun yarda ƙananan 'yan kasuwa su yi lissafin haraji bisa shigowar kuɗi. A Birtaniya ma, tun Afrilu 2024, shi ne tsarin da ake ɗora mai kasuwanci shi kaɗai a kai, sai in ya zaɓi ɗayan, wato rubuta ciniki ranar da kaya suka fita. Idan a kan wannan tsari shagon yake, 200,000 ɗin suna iya zama a Maris, 120,000 ɗin ma haka, amma fa sai an cire su daga Fabrairu. Abin da babu tsarin da ya yarda da shi shi ne a yi wata ɗaya da littafi, wata na gaba da banki. Kuɗin aljihun mai shago kuwa jari ne ko rance ga shagon a kowane tsari. Harajin VAT shi ma yana da nasa agogon: a dokar Tarayyar Turai, alal misali, yana hawa kan kafin alƙalami tun ranar da aka karɓe shi, ko da kaya ba su fita ba. Saboda haka jimillar da ke kan takardar VAT ta wani wata tana iya saɓa wa cinikin watan ba tare da an yi kuskure ba.

Don haka yana da kyau takardar ta ƙare da tambaya biyu. Wane tsari ake bi a lissafin shagon, na fitar kaya ko na shigowar kuɗi? Kuma an riga an miƙa wa hukumar haraji wani abu da aka gina a kan 1,310,000 ɗin? Idan ba a miƙa ba, gyaran a littafi zai tsaya: 120,000 su rage bashin da ake bin mai saye, 200,000 su zauna a matsayin kuɗin mai oda har 4 ga Afrilu, 40,000 su zauna a matsayin jari ko rance daga mai shago. Idan an miƙa, sai akanta ya bi hanyar gyaran takardar da dokar ƙasar ta tanada, kuma irin wannan gyara yakan zo da wa'adi.