Hutun haihuwa a rabin albashi: nawa ne zai shigo hannunki gaba ɗaya?

Yar uwa mai aiki a kamfani ko shago ko masana'anta a Najeriya, kafin cikinki ya tsufa ki zauna ki yi wannan lissafin, don wallahi mata da yawa sai sun ga alat ya shigo rabi sannan hankali ya tashi, ga hidimar suna ga kayan jariri.

Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba ki sati 12, shida kafin haihuwa shida bayanta. Na farkon sai kin kai takardar likita mai rajista da ke nuna ana sa ran za ki sauka cikin sati shida, na bayan haihuwa kuwa doka ta hana ma a bar ki ki yi aiki ko da kina so. Kuɗin fa? In kin yi wata shida ko fiye a jere a wurin kafin ki tafi hutun, dole a biya ki aƙalla kashi 50 cikin ɗari na abin da za ki samu da kina aiki. Aƙalla aka ce, wato in takardar ɗaukar aikinki ta ce cikakken albashi to cikakken za a ba ki.

Mu ɗauka albashinki naira 78,000 a wata. A shekara 936,000 kenan, ki raba gida 52 zai ba ki 18,000 a sati, rabinsa 9,000. Sau 12 ya zama 108,000, shi ne jimillar, maimakon 216,000 da za ki karɓa da kina zuwa aiki. To wasu sai su ce ai wata uku ne su lissafa 39,000 sau uku su sa rai da 117,000, alhali wata uku sati 13 ne, wannan ratar ta 9,000 rabin kuɗin sati ɗaya ce da ba ya cikin hutun, kuma a kanta ake yawan samun saɓani da akanta.

Akwai kuma masu daurewa su yi ta zuwa aiki har saura sati biyu su haihu. A nan satuttuka huɗun da kika yi aiki cikakken kuɗinki ne, 72,000, sai rabi na sati takwas shi ma 72,000, duka 144,000. Amma dokar ba ta ce a mayar miki da satin da ba ki ci ba zuwa bayan haihuwa ba, don haka in kina son haka ki nemi yardar oga a rubuce tun da wuri.

Wadda ba ta cika wata shidan ba tana da hutun, sai dai dokar ba ta tilasta a biya ta ba, kuma gaskiya wannan gurbin yana min ciwo, don sababbin ma'aikata su ne ba su da ajiya.