Jeranta Mataimakan Aikatau a Turanci: *might could* da *can to go*

Mataimakan aikatau na yanayi wasu 'yan kalmomi ne a Turanci da ke shiga gaban aikatau don nuna iyawa, ko yiwuwa, ko izini, ko tilas. Tara ne aka fi lissafawa: *can, could, may, might, shall, should, will, would* da *must*. Daidaitaccen Turanci ya ɗora musu sharuɗɗa biyu da suka shafi wannan maƙala. Na farko, guda ɗaya ake sakawa a gaban aikatau, ba a jera biyu. Na biyu, aikatau da ke biye da su yana zuwa tsurarsa, babu *to* a tsakani. *Might could* ya saɓa wa sharaɗin farko, *can to go* ya saɓa wa na biyu, shi ya sa littattafan makaranta kan soke su da jan biro ɗaya. Masana harshe kuwa ba sa yi musu kuɗin goro, domin na farkon karin harshen wata al'umma ne mai tsarinsa, na biyun kuma tuntuɓen mai koyo ne.

Dalilin hana jerantawa

Mataimaki yana buƙatar kalmar da ke bayansa ta zo a sigar tushe, wadda ba ta ɗauke da lokaci. Su kuwa mataimakan sun rasa wannan sigar. Babu *to can*, babu *canning* da ma'anar iyawa, kuma ba sa karɓar *-s*, ba a cewa *he cans*. Tun da *can* ba shi da sigar tushe, ba shi da hanyar zama a bayan *will*. Wanda yake son cewa "zan iya zuwa" sai ya yi kewaye da *I will be able to come*.

Ba haka abin yake ba tun asali. A tsohon Turanci *cunnan* da *magan*, kakannin *can* da *may*, cikakkun aikatau ne masu sigar tushe, kuma rubuce-rubucen Turancin tsakiyar zamani suna ɗauke da jeri irin *shall conne*, wato "zai iya". Wajen ƙarni na 16 wannan ya ɓace daga harshen rubutu. Jamusanci, ɗan uwan Turanci, bai yar da shi ba, har gobe ana cewa *er wird kommen können*, "zai iya zuwa".

Inda ake cewa *might could*

Gidansa shi ne kudancin Amurka, daga jihohin Carolina biyu da Tennessee da tsaunukan Appalachia har zuwa Texas, a bakin farare da baƙaƙe duka. Ana kuma jin jerin a Sikotilan, da arewa maso gabashin Ingila, da Ireland ta Arewa, sai dai can *will can* yana da kasuwa, kamar a *he'll can come tomorrow*, "zai iya zuwa gobe". Masana da dama suna danganta na Amurka da ƙaurar mutanen Ulster, wato arewacin Ireland, 'yan asalin Sikotilan a ƙarni na 18. A Amurka *might could* ya fi kowane yawa, sai *might can*, *might would*, *might should* da *used to could*.

A ɗauki misalin bakanike a wani gari a Tennessee, an kawo masa mota ana tambayar yaushe za ta tashi. Ya ce: *I might could fix it by Friday*. Kowace kalma a cikin biyun da aikinta. *Could* yana maganar iyawarsa, *might* kuma yana rage ƙarfin alkawarin. Da Hausa sai a ce "mai yiwuwa in iya gyara ta kafin Juma'a". Da ya ce *I could fix it* ya kusa ɗaure kansa, da ya ce *I might fix it* sai a ji kamar ganin dama ne zai sa ya taɓa motar. Jerin ya ba shi matsakaicin da yake nema cikin kalmomi biyu, inda daidaitaccen Turanci ke buƙatar *might be able to*.

Abin da ke nuna cewa wannan ba ɓaram-ɓarama ba ce shi ne yadda jumlar ke juyawa. Kalmar yiwuwa ce ke gaba, ta iyawa a baya, kuma bakaniken ba zai ce *I could might fix it* ba. Idan zai kore, yana da *I might not could fix it* ko *I might couldn't fix it*. Idan mai motar zai maida ta tambaya, galibi *could* ne ke tsallakowa gaba: *could you might fix it?* Wasu kan ɗauko biyun tare, *might could you fix it?*, amma *might you could* bai cika samun karɓuwa ba. Haka a 'yar tambayar wutsiya, *you might could fix it, couldn't you?*, ba *mightn't you* ba. Wannan ya sa wasu masana ke ganin *could* ne mataimaki na gaskiya a jumlar, *might* kuwa ya kusa zama kamar *maybe*. Marianna Di Paolo, a nazarinta na 1989 kan masu magana a Texas, ta ɗauki wata hanya, ta ce jerin dunƙulalliyar kalma ɗaya ce da ake koyonta a haɗe. Har yanzu ba a rufe muhawarar ba.

Jerin ya fi fitowa inda ake lallashi. Margaret Mishoe da Michael Montgomery sun nuna a 1994 cewa a Carolina ana yawan jin sa wajen ciniki da ba da shawara, inda mai magana ba ya son ya ci fuskar abokin zancensa. *You might should see a doctor* shawara ce mai taushi, ba ta kai umarnin *you should* ba.

*Can to go* da danginsa

Nan labarin gajere ne. Babu wata al'ummar da ta tashi da Turanci tun daga nono da ke cewa *I can to go*. Mai koyo ne ya saba da *want to go* da *able to go*, ya zaci duk aikatau biyu da suka haɗu sai *to* ya shiga tsakaninsu. *Ought to* da *have to* suna ƙara rikita shi, tun da ma'anarsu ta kusanci *should* da *must* amma su suna ɗauke da *to*. *Need* ma baki biyu gare shi: *he need not go* daidai ne, *he needs to go* ma daidai ne. Alamar kuskuren koyo ita ce rashin tsayawa wuri ɗaya. Ɗalibi ɗaya zai rubuta *can to go* a sama, *can go* a tsakiya, *can goes* a ƙasa, kuma abin yana gushewa yayin da ya ƙware.

Ɗalibin da Hausa ce harshensa yana iya faɗawa cikin *I will can go*, saboda "iya" cikakken aikatau ne da ke zama lafiya lau bayan "zan". Abin dariya, jumlar tasa ta yi daidai da ta wani dattijo a ƙauyen Sikotilan, amma ba daga can ya samo ta ba, daga "zan iya tafiya" ya kwafo ta. *Can be able to*, wanda ya yaɗu a Turancin Nijeriya, wani abu ne daban: bai karya tsarin jumla ba, maimaita ma'anar iyawa kawai ya yi sau biyu.

Hukunci

A jarrabawa, da takardar ofis, da rubutun jarida, ana soke *might could* da *can to go* duka, domin ma'aunin wurin daidaitaccen Turanci ne. A nazarin harshe kuwa tambayar ita ce ko akwai jama'ar da ke faɗin abin a kai a kai, suna kuma iya ƙin wata sigarsa. *Might could* ya ci wannan gwaji, tun da mai faɗinsa zai gyara wa baƙon da ya ce *could might*. Marubutan labari da ke kwaikwayon bakin mutanen kudancin Amurka sukan faɗi a daidai wannan wurin, su jera mataimaka yadda suka ga dama, kamar *can might* ko *should might*, abin da ɗan yankin zai ji bambaraƙwai tun kafin a kai ƙarshen jumlar.